Tsakanin “ina kwana” da “ina wuni”

Wata Laraba, ranar kasuwar Birnin Ƙonni, na sauka tasha sha biyu ta ɗan gota. Na tarar da wani dattijo mai sayar da albasar Galmi a rumfarsa, na rusuna na ce, “Baba, ina wuni?” Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce, “Ɗana, wunin bai yi ba tukuna. Amma lahiya lau.”

Har yau maganar nan tana raina, domin ita ta sa na lura cewa “ina kwana” da “ina wuni” tambayoyi ne na gaske, kuma baya suke dubawa. Kana tambayar mutum yadda ya fito daga wani yanki na lokaci da ba ka kasance tare da shi ba. Da dare zazzaɓin yaro yake tashi, da dare ɓarawo yake shiga garke, naƙuda ma ta fi son dare. Wanda ya wayi gari yana da labari, shi ya sa ake tambayarsa. Wuni kuwa sai an sha rana, an je gona ko kasuwa, sannan a samu abin tambaya. Ni na tambayi dattijon nan abin da bai riga ya faru ba.

Maƙwabtanmu ma haka suka gina gaisuwarsu. Bafulatani da safe yana tambaya da “waali”, wato kwana, da rana “nyalli”, wato wuni, da dare “hiiri”. Bazabarme yana da “kani” na kwana da “foy” na wuni. Faransanci kuwa fata yake yi, ba ya tambaya. A Faransa “bonjur” takan kai har wajen ƙarfe biyar ko shida na marece, amma a Ƙonni ko Malbaza da rana ta karkata za ka ji “bonsuwar”. A ganina mun ɗauki kalmarsu ne muka aza ta a gurbin “ina wuni”, kuma ban ga laifin haka ba.

To ina iyakar take? A wajen dattawanmu sallar azahar ce, ba sha biyun agogo ba. Daga asuba, hantsi, har walaha, “ina kwana” tana nan daram. Da an sallame azahar, wajen ƙarfe biyu a yawancin masallatanmu, “ina wuni” ta karɓa, ta ratsa la'asar da almuru har bayan lisha. Inda ake tuntuɓe shi ne ɗan tsakanin nan, rana tsaka, inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. A nan ne gaisuwar “barka” take da amfani, don ita lokacin da ake ciki take ambata: barka da asuba, barka da hantsi, barka da rana, barka da marece, barka da dare. Da na ce wa dattijon “barka da rana”, ko “sannu da aiki, ina kasuwa?”, da ba abin gyara. Sallama kuwa ba ruwanta da lokaci, da ita ake buɗewa ko yaushe.

Dare ma yana da nasa tarko. A ce motar Yamai ta sauke ka Ƙonni ƙarfe ɗaya na dare, ƙanenka ya zo tarbarka. A agogo sabuwar rana ta shiga, amma ba za ka ce masa “ina kwana” ba, tunda bai runtsa ba. Shi zai ce “sannu da hanya, ina gajiya?”, kai ka ce “barka da dare”. Haka “sai da safe” da “Allah ya tashe mu lafiya” na rabuwa ne, ba a shiga gida da su.

Wani lokaci halin mutum yakan rinjayi lokacin. A gidan rasuwa “barka” ba ta da wuri, “ina haƙuri?” ake cewa. Majiyyaci, bayan “ina kwana”, abin da yake jira shi ne “ya jiki?”. Wanda kuka gaisa da safe kuka sake haɗuwa da hantsi, in ka maimaita masa “ina kwana” zai ce, “Ai mun gaisa,” kuma zai ji kamar ba ka riƙe gaisuwar farko ba. “Sannu” ta wadatar.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne saƙon murya. Yara suna tura wa iyayensu “ina kwana” da safe, tsohuwa a ƙauyen Illela ba za ta ji ba sai an cajo waya da almuru. Ni in zan tura wa Inna, da sallama nake farawa, in ce “ina gida, ina jiki, ina yara?”, sannan in faɗa mata lokacin da nake maganar, don ta san daga wane yanki na rana muryata ta fito.