YADDA MUKA YI HIRA TA BIDIYO DA SABIS MARAS ƘARFI

Tun da muka liƙa hirar da muka yi da tsohuwar ɗalibar makarantar nan, wadda yanzu take aikin jinya a Legas, ake ta tambayarmu wai ta zo garin nan ne? Ba ta zo ba. Ta waya muka yi hirar, muna ganinta tana ganinmu. Da muka faɗa wa wasu haka dariya suka yi, saboda kowa ya san sabis ɗin makarantarmu, wani lokaci ko saƙo ka tura sai ya yi ta juyi bai tafi ba. Shi ya sa muka ce bari mu rubuta yadda aka yi, musamman don 'yan aji ɗaya da za su gaji ƙungiyar nan.

Anti ta ce minti talatin kawai za ta iya ba mu, lokacin hutunta na rana, kuma idan ya wuce sai wani watan. Datar ma karo-karo muka yi muka saya. Wato dama ɗaya gare mu. Ɗalibai ba sa zuwa da waya, don haka Malam mai kula da ƙungiyarmu ya ara mana tasa, wasu malamai biyu kuma suka taimaka da nasu.

Abu na farko da Malam ya koya mana shi ne kada mu yarda da sandunan sabis da ke saman waya. Sandunan suna nuna yadda waya take jin turken sabis ne kawai. Ba sa nuna yawan mutanen da suke rububin turken a lokacin. Kamar famfon unguwa ne, ruwa yana zuwa amma bokitai sun yi yawa. Saboda haka kwana biyu kafin hirar muka zagaya makaranta muna gwaji, a daidai lokacin da za a yi ta. Ana buɗe fast.com, a jira lamba ta fito, sannan a taɓa Show more info. A nan ake ganin Upload, wato saurin abin da yake fita daga wayarmu. Yawancin mutane lambar farko kawai suke kallo, amma ita ta abin da yake shigowa ce. Fuskarmu da muryarmu kuwa fita suke yi, don haka idan Upload ya yi ƙasa, mu za mu ga Anti tas, ita kuma ta ga mun daskare.

To, nawa ne ya isa? Kamfanin Zoom ya ce kiran bidiyo na mutum biyu yana son kamar 600 kbps shiga da fita, murya kaɗai kuma 60 zuwa 80 kbps. Mu da WhatsApp muka yi, saboda shi Anti ta saba da shi, amma mun riƙe waɗannan lambobi a matsayin ma'auni. A cikin ajinmu Upload bai kai 200 kbps ba. A tagar ɗakin karatu ta gabas ya kan kai 700, ya sauko, ya sake hawa. Darasin da muka ɗauka shi ne hoto yana cin kusan ninki takwas na abin da murya take ci. Ashe inda bidiyo ya gagara, murya za ta wuce salin-alin. Mun ma yi lissafin data a allo da waɗannan lambobi: rabin awa na bidiyo, shiga da fita, kamar megabait 270 ne, na murya kuma kamar 36. Malamin lissafi ya duba ya ce daidai ne, ya kuma ce ashe muna iya lissafi idan kuɗinmu ne a ciki.

Sai wata matsala ta taso. Bakin tagar da take da sabis yana kallon filin wasa, hayaniya ba ta ƙarewa. Can cikin ɗakin kuma, tsakanin kantocin littattafai, shiru ne amma sabis ya yi rauni. Dabarar da aka yi ita ce raba aikin. Waya ɗaya aka ajiye a taga aka kunna mata Hotspot, ita ce mai kamo sabis. Ta biyu tana ciki a kan tebur, ta haɗu da ta farko ta Wi-Fi, da ita ake kiran. Mun roƙi mai wayar taga ya sanar da gida kada a kira shi a lokacin, domin a wasu wayoyin da zarar kira ya shigo data takan tsaya ko ta ja baya. Mun kashe sabunta manhajoji da sauke hotuna kai tsaye a wayoyin biyu, kada su riƙa satar sabis a ɓoye. A cikin WhatsApp kuma mun shiga Settings, sai Storage and data, muka kunna Use less data for calls. Hoton yakan ɗan dusashe amma kiran ya fi jurewa.

Maganar hoto ba ta da yawa. Mun jingina wayar da ƙamus biyu daidai tsayin fuska, ba wanda ya riƙe ta a hannu, saboda hoto mai yawan motsi ya fi saurin farfashewa idan sabis ya yi rauni. Mai tambaya ta zauna tana fuskantar hasken taga. Idan taga tana bayanka, inuwa kawai za a gani.

Sauti ne muka fi ba wa lokaci, don mu rubutu za mu yi. Ko fuskar Anti ta daskare ba mu rasa komai ba, amma idan kalma ɗaya ta ɓace a tsakiyar amsa, za a iya rubuta abin da ba ta faɗa ba. Ku gwada wannan: ku shiga aji idan an tashi, ku tafa hannu sau ɗaya. Za ku ji ƙarar ta yi amo, saboda bango da siminti suna dawo da sauti. Ku je ɗakin karatu ku sake tafawa, za ku ji ta mutu nan take, littattafai sun shanye ta. Kunnen mutum ya iya tace amo, amma makirufon waya kwashe komai yake yi. Mun kashe fanka duk da zafi, domin iskarta tana bugun makirufo tana buu-buu. Mun kuma shimfiɗa sallaya a kan teburin don kada a ji ƙarar biro da gwiwar hannu.

Mu shida ne a ɗakin, don haka dole a buɗe lasifika kowa ya ji. Nan ne amsa-kuwwa take shigowa. Muryar Anti tana fita daga lasifikarmu, ta koma cikin makirufonmu, sai ta ji kanta tana maimaituwa. Abin mamaki, wanda yake jin muryarsa tana dawowa ba daga wajensa matsalar take ba, daga ɗaya ɓangaren ne. Don haka idan ta ce tana jin kanta, mu ne za mu rage ƙara. Ita kuma mun roƙe ta ta sa abin sauraro na kunne, mai igiya, wanda ba ya buƙatar caji. Mutum ɗaya ne yake magana da wayar, daga nisan kamar kamu biyu. Sauran duk mai tambaya sai ya rubuta a takarda ya miƙa.

WhatsApp ba shi da maɓallin naɗar kira, kuma wayar da ake kira da ita sau da yawa ba ta yarda a naɗi murya a lokaci guda, saboda kiran ya riga ya kama makirufo. Aikin waya ta uku ke nan. Mun ajiye ta kusa da lasifika tana naɗa, mun sa ta a Airplane mode don kada kira ya katse ta. Amma ita abin da ya iso mana kawai za ta kama, har da tsinkewar. Shi ya sa muka roƙi Anti ita ma ta ari wayar abokiyar aikinta, ta ajiye a gabanta tana naɗar muryarta. Wannan naɗin bai bi ta intanet ba, don haka babu abin da zai yanke shi. Tun farko mun nemi izininta, kuma da aka fara mun sake tambaya a cikin naɗin: "Anti, kin yarda mu naɗa mu buga a allon bango?" Ta ce, "Na yarda, ƙannena."

Kwana ɗaya kafin nan mun tura mata tambayoyi takwas, kowace da lambarta, waɗanda suka fi muhimmanci a farko. Mun kuma yi yarjejeniya a rubuce. Idan kira ya yanke, mu ne za mu sake kira, ita ta jira, domin idan kowa ya kira a tare ba wanda zai samu wani. Idan murya ta fara tsinkewa, a kashe kyamara. Idan duk da haka bai yi ba, a koma kiran waya na kati, wanda ba ruwansa da data, mun kuwa sa kati tun da safe. Idan shi ma ya ƙi, ta amsa kowace tambaya da saƙon murya. Saƙon murya yana da haƙuri, yakan jira har sabis ya dawo sannan ya tafi cikakke.

Ranar hirar, tambayoyi uku na farko sun tafi lafiya. Akwai ɗan jinkiri tsakanin maganarta da isowarta, don haka mai tambaya takan ƙirga ɗaya, biyu a zuci bayan Anti ta yi shiru kafin ta yi magana, don kada su yi karo. A tambaya ta huɗu, wadda ta shafi aikin dare, muryarta ta fara yin kamar ta ƙarfe, kalmomi suna gutsurewa, hoton kuma ya tsaya bakinta a buɗe. Alamar ke nan. Ba mu jira ya yanke ba, muka kashe kyamara, ita ma ta kashe, sai muryar ta dawo sarai. A ta shida kiran ya nuna Reconnecting, ya daɗe, ya mutu. Malam ya kira ta da kati, mai tambaya ta ce, "Anti, muna lamba shida," aka ci gaba ba tare da kame-kame ba. Lokacinta ya ƙare saura tambaya ɗaya, ta turo amsarta da saƙon murya bayan la'asar.

Da daddare ta turo wa Malam naɗin da ta yi a wajenta. Washegari muka saurari naɗin biyu muna gwadawa. A namu, amsa ta huɗu ta fito kamar ta ce aikin dare yana da wahala, shi ke nan. A nata kuwa akwai jimla biyu da ba su iso mana ba sam, inda ta ce da dare ne ta fi samun lokacin zama da maras lafiya ta saurare shi, kuma shi ya sa take son sa. Su ne kuke gani da jan biro a tsakiyar hirar da ke gefen hagu na allon nan.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.