Gero Ne Ko Goro?

Gara ta ci takardar bashin da kakanmu na Boɗinga ya rubuta wa ɗan'uwansa a Shagari da ajami. Daga sunan abin da aka ranta, harafin farko g ne, na uku r, na ƙarshe o. Na biyu ya tafi da wasalinsa. Tsofaffinmu kuwa sun manta.

Muka jarraba wasula biyar ɗaya ɗaya. Biyu suka dace da rance: gero da goro. Sai muka duba kalmar da ta gabata, muka ga “dami shida”. Goro ba a ɗaure shi dami, ƙwarya ake lissafinsa, ɗari ɗari. Ashe gero ne. Da kaka ta yi, muka kai wa jikokinsa dami shida.