Musayar Aiki a Asibiti

“Ki riƙe min daren Laraba.” Irin saƙon da ma'aikatan jinya kan tura wa juna ke nan, kuma ya daɗe yana damuna. Wace Laraba? Wane ɗaki? Da me za a rama? Shiru.

Na fi so a ce: “Salamu alaikum, 'yar'uwa. Don Allah ko za ki iya karɓar mini aikin dare ranar Laraba, 12 ga wata, a ɗakin haihuwa? Ni kuma in yi miki na Asabar. In kin amince, sai mu sanar da shugabar ɗaki ta gyara jadawali. In bai yiwu ba, ba komai.”

Maganar ƙarshen nan ce ta fi muhimmanci a wurina. Ƙaramar ma'aikaciya takan ji nauyin ce wa babba a'a, ta karɓa alhali ta gaji, ga marasa lafiya a hannunta. Ku bar mata ƙofar ƙi.