Gaisuwar ta'aziyya da Faransanci: layi uku sun isa

Mu da muke sarin kaya ta hanyar Seme mun san rabin abokan huldarmu ba sa jin Hausa, Turancin ma sai kame-kame. Mai fitar mana da kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, da mai ajiye mana su a sito, da wanda ke riƙe mana lissafi a Lome, duk Faransanci suke karantawa a waya. Ciniki da su ba ya ba mu wahala, domin lamba lamba ce ko a wane harshe. Ranar da aka ce mahaifin ɗayansu ya rasu ne hannu ke tsayawa a kan waya. Wasu sukan yi shiru don tsoron kada su rubuta shirme, shi kuwa mutumin ba zai san tsoro ne ba. Abin da zai riƙe shi ne shekara goma kuna cin abinci tare, amma uwarsa ta rasu ba ka ce masa uffan ba.

A watan jiya mahaifiyar wani abokin aikinmu a Kwatano ta rasu. Kirista ne, ya girme mu, kuma shi ke bin mana takardun kaya. Ga abin da muka tura masa a ranar da labarin ya iso mu:

Cher collègue, j'ai appris avec tristesse le décès de votre mère. Je vous présente mes sincères condoléances, à vous et à toute votre famille. Que Dieu vous donne la force de surmonter cette épreuve.

Ma'anarsa: ya abokin aiki, na ji labarin rasuwar mahaifiyarka cikin baƙin ciki. Ina miƙa maka ta'aziyyata, kai da dukan iyalinka. Allah ya ba ka ƙarfin jure wannan jarrabawa. Daga nan sai suna a ƙasa, shi ke nan. Jimlar farko ta faɗi abin da ka ji, ta biyu ita ce ta'aziyyar, ta uku addu'a ce. Ba a neman dogon bayani, domin mai makoki ba shi da zuciyar karanta shafi.

A jimlar farko, ku lura da kalmar décès. Kamar yadda mu ba ma cewa uwar mutum ta mutu, sai dai ta rasu, haka su ma suke da kalma biyu: mort ita ce mutuwa kai tsaye, décès ita ce rasuwa, ita ce ta ladabi. Sannan a ambaci wanda ya rasu da sunan matsayinsa, mère uwa, père uba. Kada wanda ya saba da Turanci ya rubuta votre parent, domin a Faransanci parent yana iya nufin kowane ɗan'uwa, ko kawu ko ɗan baffa. Mutum zai ga kamar ba ka ma san wa ya rasa ba. In kuma mace ce abokiyar aikin, sai a fara da Chère collègue maimakon Cher collègue.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne tsakanin vous da tu. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, tun da mu ma mukan ce wa dattijo "ku" mu ce wa sa'a "kai". Vous ta girmamawa ce, tu ta sabo ce. Ka'idar mai sauƙi ce: ka duba tsofaffin saƙonninsa a wayarka, yadda kuka saba kiran juna haka za ka kira shi yau. In kana shakka ka ɗauki vous, ba a taɓa zargin mutum da yawan ladabi a gidan makoki ba. Akwai ma wani sauƙi a ciki, domin votre ba ta canjawa, votre mère ce, votre père ne. Amma in ka ɗauki tu, dole ka bambanta ta mère da ton père, kuma je vous présente ta koma je te présente. Abin da ba ya kyau shi ne a fara da vous a ƙare da tu a saƙo guda. Nan take ake gane cewa an haɗo shi ne daga wurare biyu.

Sai maganar addu'a, wadda ita ce matasan unguwa suka fi tambayarmu bayan salla. Mu mukan ce "ya haƙuri", "Allah ya ba da haƙuri". In ka juya wannan kalma da kalma ka rubuta patience ita kaɗai, mai jin Faransanci zai iya ɗauka kana ce masa ya jira ne, kamar mai bin bashi da ake lallashi. Su abin da suke faɗa a wannan wurin shi ne courage, wato ƙarfin zuciya. Za ka iya rufewa da Beaucoup de courage, ya wadatar.

Idan mamacin Musulmi ne, kamar yawancin abokanmu na arewacin Benin da Nijar, sai a yi masa addu'ar da muka sani: Qu'Allah lui pardonne et lui accorde le Paradis, Allah ya gafarta masa ya ba shi Aljanna. Kalmar lui tana ɗaukar namiji da mace, don haka ba ka canja komai ko uba ne ko uwa. Idan ba Musulmi ba ne, abin da muka karanta a wurin malamanmu shi ne a yi wa mai rai ta'aziyya da kyakkyawar magana, a roƙa masa juriya. Shi ya sa jimlarmu ta uku ta fuskanci ɗan, kuma babu abin da ta rage na mutunci.

Ku yi hattara da wayar kanta. In madanninta na Turanci ne, takan gyara maka kalma ba tare da ka sani ba, condoléances ta koma ta Turanci. Ku karanta kafin ku tura, kuma ku tabbata da s a ƙarshenta, domin a jam'i ake rubuta ta. Alamomin da ke kan harafin e suna fitowa in ka danne shi ka riƙe. Masu yi wa waya magana tana rubutawa kuma su sani mère, uwa, da mer, teku, da maire, magajin gari, duk furucinsu ɗaya ne. Ba ma son a yi wa mutum ta'aziyyar teku.

Mu a ranar ake sallar gawa a kai ta makwancinta. Kiristocin kudancin Benin kuwa sukan ajiye gawa a asibiti makonni kafin a binne, sai dangi sun hallara. Kada wannan ya sa ka jinkirta, ka tura saƙonka ranar da ka ji. In kana da niyyar zuwa ko aika gudummawa, ƙara layi ɗaya: Merci de me communiquer la date des obsèques, wato don Allah a sanar da ni ranar jana'iza.

Kuma ko da kwantenarka na zaune a tasha kuɗin ajiya na hawa, kada ka liƙa tambayar kaya a gindin ta'aziyya. Ka nemi yaronsa ko wani a ofishinsu ka tambaya. Shi ka bar shi da makokinsa, zai neme ka da kansa in ya natsu.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, mu kuma ya sa mu cika da imani.