Shagali ba shuglu ba ne

Mu 'yan zango, daga Salaga har Yendi da Bawku, muna shiga ajin Larabci da guzurinmu. Littafi, alƙalami, lissafi, duniya, duk mun san su tun kafin mu riƙe allo. Wannan guzurin ne kuma yake sa mu saki jiki.

Akwai kalmomin da kamarsu ta haɗuwa ce kawai. Balarabe ya ce "mata", yana ja, wato ya mutu. Mu kuwa sai mu ji matan aure. Ya ce "dawa'u", magani yake nufi, ba hatsin tuwo ba. Irin waɗannan ba su da wuya, don da an fassara su a karkace aji zai fashe da dariya, shi ke nan an gyara.

Masu wuyar su ne waɗanda Hausa ta ara da gaske, sannan ma'anarsu ta gusa a bakinmu. Ɗauki "shuglu". A Larabci aiki ne, abin da ya riƙe mutum ya hana shi wani abu. Daga nan muka samo shagali. Tsofaffi sukan ce shagali suna nufin harka, amma mu yau in an ce shagali sai mu hango biki, kiɗa da shinkafa. To, a ba ɗalibi jimlar "abi fi shuglin". Zai rubuta "babana yana cikin shagali", alhali bawan Allah yana gona yana zufa. Jimlar ta zauna daram, ba inda ta yi tuntuɓe, ba wanda zai yi dariya. Shi ya sa kuskuren yake kwana a littafi har ranar jarrabawa.

Yadda ake kama shi, a koma ga tushe. A cire wasula a bar baƙaƙe uku, shinun, gainun, lamun, a buɗe ƙamus a duba 'yan'uwanta. Za a ga "mashgulun", wanda aiki ya riƙe. Ko layin waya in ana kan magana haka Larabawa suke ce masa, kuma dai layin waya ba ya zuwa biki.

Haka "fatila" take: lagwani ce kawai, mu muka ba fitila duka sunan. "Dawatu" kuwa kurtun da ake zuba tawada ne, ruwan da ke ciki sunansa "hibru". Mun ɗauki sunan mazubi mun ba abin da aka zuba.

Ba mu ce Hausa ta yi kuskure ba fa. Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin 1892, ya rasu a can a 1934, ya yi waƙoƙi da harsunan biyu, da baƙaƙe iri ɗaya. Mai karanta shi sai ya fara tantance harshen da shafin yake ciki kafin ya ce ga ma'anar kalma.