Kalma Ɗaya, Sefa Dubu 36

Ɗan'uwa, idan a garin da kake zaune an taɓa ce maka "kai da ka yi boko, juya mana takardar nan", to zauna ka ji abin da ya same ni.

Ƙungiyarmu ta 'yan albasa ce a Briketeri, unguwar Hausawa ta Yawunde. Muna haɗa kuɗi mu sauko da kaya daga Marwa da Garwa, mu kama sito ɗaya. Magatakarda da Faransanci yake rubuta rahoton taro, don shi hukuma ke dubawa. Amma cikinmu akwai 'yan Bamenda masu karanta Ingilishi, akwai kuma dattawan da sai Hausa. Ni ne mai juyawa zuwa Hausa.

A wani taro aka yanke abu biyu. Na farko, kowa ya ƙara sefa 25,000 a abin da Faransanci ke kira far sosiyal, wato rabonka cikin jarin ƙungiya. Na biyu, kowa ya riƙa biyan 2,000 duk wata na kotizasiyo, don hayar sito da albashin maigadi. A dokarmu, wanda ya fita ana mayar masa da na farkon. Na biyun kuwa ya tafi ke nan, an kashe shi. Ni kuma ina sauri, sai na kira su duka "kuɗin ƙungiya", na biyo da jimlar da ke cewa mai fita zai karɓi kuɗinsa.

Bayan wata 18, wani dattijonmu ya tashi komawa Maraɗi. Ya zo da takardata a ninke cikin aljihu, ya yi lissafinsa daidai: 25,000 da 36,000, jimla 61,000. Ma'aji ya miƙa masa 25,000. Dattijo ya dube shi ya ce, "Yaro, da furfurata za ka ci kuɗina?" Ma'aji ya buɗe ta Faransanci, gaskiyarsa. Dattijo ya buɗe ta Hausa, shi ma gaskiyarsa. Dole na miƙe na ce, "Baba, ba shi ya cuce ka ba, alƙalamina ne." Taro ya amince a cika masa rabi daga asusu, ni na cika sauran. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda na ga an kusa kiran mutumin kirki ɓarawo saboda ni.

Tun daga ranar na canza aiki. Na sayi ɗan littafi, kowace kalmar da ta shafi kuɗi na ba ta suna ɗaya tak, taro ya amince da shi. Far sosiyal ya zama "hannun jari", kotizasiyo ya zama "karo-karon wata, ba ya dawowa". Ko maimaicin ya gundure ka, kada ka sauya don daɗin karatu. Wanda ya ga suna biyu zai zaci abu biyu ne, wanda ya ga suna ɗaya zai zaci abu ɗaya ne.

Adadi kuma ina rubuta shi da lamba, in ƙara "sefa". Na daina rubuta dala da jaka. Ɗan Nijar ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, jaka kuma 1,000. Wanda ya taso a Kano, jaka a kansa naira 200 ce. A baki ana fahimtar juna, a takarda babu wanda za ka tambaya.

Sai ajanda. Lambar kowane batu dole ta zama ɗaya a harsunan uku, don in shugaba ya ce "batu na 4", kowa ya sa yatsa wuri ɗaya. Ina kuma rubuta "za a jefa ƙuri'a" a gaban batun da za a yanke, domin "za a duba maganar haya" ba ya hana mutum tafiya kasuwa. A rahoto ma ka bambance "an kawo shawara", "an tattauna" da "an yanke". Na ukun ne kawai ke ɗaure mutum.

Gwajin da ya fi yi mini amfani shi ne wannan: kafin in raba takarda, sai in ba wani yaronmu ta Hausar kaɗai, ya mayar da ita Faransanci da baki, magatakarda na riƙe da tasa yana bi. Inda suka saɓa, nan ramin yake. A taro na gaba a karanta duka ukun kafin a sa hannu. Mun kuma rubuta a doka cewa in an samu saɓani ta Faransanci ce hujja, aka faɗa wa kowa da harshensa.

Dattijon nan har yanzu yakan kira ni daga Maraɗi. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Malam, yaya alƙalami?" In ce, "Baba, yanzu a hankali yake tafiya."