Gaisuwar da Na Mayar Tarko

Karatu: Farawa 23:3-16

Ɗan'uwa mai karatu, idan ka taɓa cin kasuwa a ƙasarmu ta Tofa, ka san ba a faɗa wa mai kaya da tambayar kuɗi kai tsaye. Wanda ya tsaya a kan mutum ya ce "Nawa?" ba tare da sallama ba, za a gaya masa kuɗin, amma kuɗin baƙo za a gaya masa, fuska kuma ba za ta saku ba. Iyayenmu sun koya mana tsarin tun muna riƙe musu jaka. Ka yi sallama, ka rage tsawo idan dattijo ne, ka ce barka da kasuwa, ka tambayi gajiya, ka tambayi iyali, sa'an nan ka tambayi ciniki. Sai ya ce da godiya, tukuna ka kai hannu cikin hatsin. Maƙwabcinsa na rumfa ma yana da hakkin "sannunku", ko da ba za ka sayi kome a wurinsa ba. Wanda ka tarar yana awo kuwa, ka jira ya kai ƙarshen lissafinsa, gama gaisuwar da ta ɓatar wa mutum ƙidaya ba alheri ba ce.

Ka lura da kalmomin cinikin kansu. Idan ka taya kaya tayin bai kai ba, mai kaya ba ya ce maka a'a, sai ya ce "albarka". Idan kun daidaita, sai ya ce ya sallama. Da sallama aka buɗe, da sallama aka rufe, ƙin yarda ma da sunan albarka ake yinsa. Waɗansu 'yan'uwa sukan tambaye ni ko ya dace mai bi ya yi sallama irin ta maƙwabtanmu Musulmi. Ni dai ban ga abin tuntuɓe a ciki ba, tun da Ubangijinmu Yesu da kansa ya umarci almajiransa su fara da kalmar salama a duk gidan da suka shiga, kamar yadda yake a Luka 10:5.

A karatunmu na yau Ibrahim baƙo ne a Hebron, matarsa Saratu ta rasu, yana neman wurin binne ta. Sau biyu ya sunkuya a gaban Hittiyawa. Efron ya fara da cewa kyauta ya ba shi filin, daga baya ya ambaci shekel 400 na azurfa kamar abin da bai kai a tsaya a kansa ba. Duk Bahaushen da ya san kasuwa ya gane wannan salon. Ibrahim bai riƙe maganar kyautar ya ce ai ka riga ka faɗa ba. Ya auna azurfar cif a gaban shaidu. Ladabinsa bai zama hanyar cin dukiyar wani ba. A nan ne ni na fāɗi, shi ya sa nake rubuta maka.

Wata shekara, gab da Kirsimeti, dattawan ikilisiyarmu suka ba ni kuɗi in sayo dawa domin abincin baƙi. Da buhuna da yawa ne da Dawanau na nufa, amma rabin buhu kawai ake so, wato tiya 20, don haka na shiga kasuwar ƙauye kusa da mu. Na zaga na ji farashi: tiya tana kan naira 550 a ranar. Can gefe na hangi wani tsoho zaune a kan buhunsa, ba ɗan kasuwa ba ne, manomi ne da ya ɗebo daga rumbu. Na durƙusa na gaishe shi gaisuwa cikakkiya.

"Baba, ina wuni? Ina gajiya? Yaya mutanen gida?"

A al'ada amsar ita ce lafiya lau, ko da ba lafiya. Amma tsohon ya ga na zauna, na kuma sake tambaya, sai ya ɗauka da gaske nake. Ya ce, "Ɗana, gida dai da sauƙi. Tsohuwar ce kwana shida ba ta tashi ba. An rubuta mana magani, shi ne na kawo wannan in samu in saya kafin yamma."

Na ce Allah ya ba ta lafiya. Bakina yana wannan addu'a, zuciyata tana lissafi: mutumin nan ba zai koma da dawarsa gida ba. Ya ce 600. Na taya 400. Ya ce albarka. Na ɗebi dawar na murza, na ce akwai ƙaiƙayi, alhali tsabtatacciya ce. Na miƙe kamar zan tafi. Ya dubi rana, ya ce in kawo 450, ya sallama. Da ya gama awo har ya ƙara mini gyara, cikin tafi biyu, ya ce saboda na gaishe shi kamar ɗansa.

Naira 2,000 ke nan na rage wa ikilisiya, na kuwa koma ina taƙama. Da na ba da labari, wata dattijuwa cikin zumuntar mata ba ta yi dariya tare da sauran ba. Ta ce, "Malam, da bai gaya maka matarsa na kwance ba, nawa za ka biya?" Na ce 550. Ta ce, "To, ashe ciwon matarsa ka saya da ɗari ɗari." Daren nan na buɗe Karin Magana 20:14, inda aka zana mai saye da ke kushe kaya sa'ad da yake ciniki, ya juya baya yana fariya. Sai na ga hotona.

Kada ka fahimce ni a karkace. Neman ragi ba zunubi ba ne. Mai kaya ya sa 600 ne yana sane za a taya, wanda ya biya kuɗin farko ma akan yi masa kallon wanda bai san gari ba. Gaisuwa kuma takan sauko da farashi, wannan gaskiya ne, domin mutum ya fi son ya sallama wa wanda ya mutunta shi. Laifina shi ne na roƙi mutum ya buɗe mini halin gidansa da sunan zumunci, sa'an nan na ɗauki abin da ya ba ni amana na matse shi da shi. Tun daga ranar nakan gwada gaisuwata da tambaya biyu. Idan ciniki bai faɗa ba, ina iya cewa "Allah ya kawo kasuwa" da fuskar da na zo da ita? Waɗanda ba ni da abin samu a wurinsu kuma, mai tallan ruwa da ɗan dako da almajiri, suna samun ko "sannu" daga bakina? Ubangiji ya yi irin wannan tambaya a Matiyu 5:47 game da masu gaida 'yan'uwansu kaɗai.

Da kasuwa ta zagayo na koma da naira 2,000 daga aljihuna. Tsohon ba ya nan. Na tambayi 'yan rumfar kusa, suka ce ba su san ƙauyensu ba. Ina tsaye sai ga yaron da ya tura mini dawar a baro wancan makon, wanda na tuna ban ce masa kome ba sai "ɗauki" da "ajiye". Shi ya fara gaishe ni. Na amsa da kunya, na tambayi sunansa da gajiyarsa, sa'an nan na kwatanta masa tsohon.

Ya ce, "Ai maƙwabcinmu ne. Inna ta fara zama, jiya ma ta sha kunu. In ka jira in kai wannan kayan tasha, sai in raka ka."

Na zauna a gindin wata darbejiya na jira shi.